Bugun zuciyar safe a gajeren labarina: lissafin ya yi daidai?

Alƙalamin Dare:
Assalamu alaikum. Ina rubuta gajeren labari a kan wata yarinya 'yar shekara 17 mai gudun mita 5,000. Saura mako biyar babbar gasa, sai ta ƙara wa kanta atisaye a ɓoye ba da sanin kocinta ba. Yadda na tsara shi ne, kullum da safe tana ƙirga bugun zuciyarta na daƙiƙa 15 ta ninka sau huɗu, tana samun 72. Wata safiya ta tashi ta samu 96, ta gane ta wuce gona da iri, amma ta fita gudu duk da haka, ta yanke jiki ta faɗi a hanya. Masu ilimin abin, don Allah ku duba mini. Ba na son mai gudu ya karanta ya yi mini dariya.

Tsohon Koci:
Wa alaikumus salam, Malama. Mai gudu zai yi dariya kuwa, a wuri uku.

Yarinyar da ta yi shekara biyu ko uku tana gudun dogon zango ba kasafai za ki same ta a 72 tana kwance da safe ba. Na babban mutum wanda ba ya atisaye ana cewa 60 zuwa 100, amma masu gudun dogon zango yawanci suna tsakanin 40 da 60. Ki ba ta 52. Dalilin shi ne, jiki a hutu yana buƙatar jini kamar lita biyar a minti ɗaya. Zuciyar da ba ta horu ba tana tura kamar mililita 70 a kowane bugu, don haka sai ta buga sau 70 kafin ta cika lita biyar ɗin. Wadda ta horu tana tura kusan 100 a bugu guda, bugu 50 ya ishe ta.

Sai tsallen nan daga 72 zuwa 96 a dare ɗaya. Yawan atisaye ba ya yin haka. Wanda ya kwana lafiya ya tashi da ƙarin bugu 24, zazzaɓi za a fara nema a jikinsa. Na gajiya a hankali yake hawa, biyu yau, uku jibi, har ya kai bakwai ko goma cikin kwana biyar zuwa mako guda. Kuma wannan ya fi wa labarinki daɗi, domin yarinyar za ta samu kwanakin da za ta riƙa yaudarar kanta.

Na uku, ƙirgan daƙiƙa 15. Idan ta kuskure bugu ɗaya tak, ninkawa sau huɗu ya mayar da shi kuskuren bugu huɗu. To abin da take nema gaba ɗaya bambancin biyar ne zuwa bakwai. Dole ta ƙirga minti ɗaya cur.

Alƙalamin Dare:
Kai, Koci, ashe gara da na tambaya. To yaya ake ƙirgawar daidai? Ina son mai karatu ya gan ta tana yi.

Tsohon Koci:
Tana farkawa, kafin ta tashi zaune, kafin ta duba saƙonnin waya. Idan ƙararrawa ce ta tashe ta, ta kwanta shiru minti biyu ko uku tukuna, saboda firgitar ƙararrawa kaɗai tana ɗaga bugun. Ta ɗora yatsu biyu, manuni da na tsakiya, a wuyan hannu ta cikin, gefen da babban yatsa yake, a ɗan ramin nan da ke kusa da jijiya mai tauri. Kada ta sa babban yatsa, shi ma yana da nasa bugun, zai rikita ta. Kada ta danna da ƙarfi, bugun zai ɓace mata. Ta kalli agogo ta ƙirga daƙiƙa 60, ta rubuta nan take a littafi tare da nisan da ta gudu jiya da awoyin da ta yi barci.

Abin da ya fi komai shi ne ta yi shi iri ɗaya kullum. Idan yau a kwance ta ƙirga, gobe a zaune, lambobin ba za su gwamu ba, zama kaɗai yana ƙara bugu kaɗan. Idan fitsari ya matse ta, ta je ta dawo ta kwanta minti biyar sannan ta ƙirga, kuma ta mai da hakan tsarinta na kullum.

Sannan lamba ɗaya ba ta da ma'ana sai an san lambar mutum ta yau da kullum. Tana buƙatar kamar mako biyu na atisayen da ta saba, ta haɗa lambobin ta raba, ta samu matsakaicinta. Yau 51, gobe 54, jibi 52, duk wannan lafiya ne, bugu biyu zuwa uku sama ko ƙasa ba labari ba ne.

Baba Mai Karatu:
Ni dai shawarata, 'yata, ki sa iyayen yarinyar su kai ta a auna ta da na'urar nan da ake ɗaurawa a damtse. Hawan jini ba abin wasa ba ne, yanzu har yara yana kamawa. Ta rage gishiri kuma.

Likitar Wasanni:
Baba, Allah ya ƙara lafiya, ba hawan jini ake magana ba. Hawan jini ƙarfin da jini ke matsa wa bangon jijiya ne, shi ne lambobi biyun nan, na sama da na ƙasa. Abin da yarinyar ke ƙirgawa sau nawa zuciya ke bugawa a minti. Mutum zai iya samun ɗaya ya hau ɗaya yana nan daidai. Na'urar damtsen takan nuna bugun ma a ƙasan allonta, shi ya sa ake haɗa su.

Malama, na yarda da gyaran Koci, amma ina da inda zan ja masa birki. Hawan bugun safe yana nuna cewa jiki na ɗauke da wani nauyi, ba ya faɗin wane nauyi ne. Idan yarinyarki ta ga 59 ta ce nan take "atisaye ne ya yi yawa", likita zai karanta ya ce wa ya gaya mata? Zazzaɓi yana ƙara kamar bugu goma ga kowane digiri ɗaya na zafin jiki, kuma sau da yawa bugun kan hau kwana ɗaya kafin mura ta bayyana. Rashin ruwa a jiki yana ɗaga shi, domin ruwan jini ya ragu, abin da zuciya ke turawa a bugu guda ya ragu, sai ta cike giɓin da saurin bugawa. Haka raba dare, zafin ɗaki, fargabar jarrabawa, kofi da yamma, maganin shaƙa na asma, da wasu magungunan toshewar hanci.

Tunda kuma mace ce, akwai biyu da ba za a tsallake ba. Bayan fitar ƙwai, a rabin watan da ke gab da al'ada, bugun hutu kan hau da ɗan kaɗan, biyu ko uku ko sama da haka, ya sauko idan al'ada ta zo. Yarinyar da ba ta san wannan ba za ta riƙa tsorata kowane wata. Na biyu ƙarancin jini, wanda ya zama ruwan dare ga 'yan mata masu gudu. Shi ba cikin mako yake hawa ba, a hankali yake jan bugun sama cikin watanni, tare da haki a gudun da a da ba ya sa ta haki.

Mai Agogo:
Duk wannan wahalar ta mece ce? Ki ba ta agogon hannu na zamani kawai. Yana auna bugun duk dare, da safe ya nuna mata HRV, wato yadda tazarar da ke tsakanin bugu da bugu ke sauyawa, ya ce yau ki huta. Yatsa a wuyan hannu tsohon yayi ne. Kuma doka a bayyane take, in ya ƙaru da goma ka wuce ƙima, shi ke nan.

Tsohon Koci:
Ƙanena, rabin maganarka gaskiya ce. Agogon yana da amfani wajen bugun dare, domin yana ɗaukar awoyi ba minti ɗaya ba, kuma mutum ba ya cikin fargaba lokacin da ake auna shi. Amma lambar agogo da lambar yatsa ba ɗaya ba ne, ta barci takan fi ƙasa, ba a gwama su. In kuma madaurin ya yi sako-sako ko an kwanta a kan hannun, sai ya ba da shirme.

Batun goma kuwa ba doka ba ce, ƙiyasin masu horarwa ne. Wanda yake 45 ya koma 52 ya yi hawan da ya fi na wanda yake 65 ya koma 72, ko da yake duk bakwai ne. Abin da akasari ake bi shi ne, ƙarin biyar zuwa bakwai da ya zauna kwana biyu ko uku a jere, a sassauta. Ƙarin goma, a huta ranar a nemi dalili. Kwana ɗaya tak bayan atisaye mai tsanani ba komai ba ne, ana ma sa ran hakan.

Malamin Adabi:
Ta fuskar rubutu ma yatsa ya fi agogo. Idan agogo ne ya ce ta huta, an ƙwace wa yarinyar aikinta. Idan ita ke ƙirgawa, za ta iya sake ƙirgawa sau uku tana neman lambar da take so, ta rubuta mafi ƙanƙanta a littafin. Mai karatu ya gane halinta ba tare da an gaya masa ba. Koci, za ka iya tsara mata makon da lambobi na gaskiya? Malama ta fi buƙatar wannan fiye da nasiha.

Tsohon Koci:
To, Malam, ga yadda zan ɗora shi. Ta saba da kilomita 40 a mako, da atisaye mai tsanani sau biyu, Talata da Alhamis. Matsakaicinta 52. Sai ta ƙara gudun asuba a ɓoye, mako na farko 50, na biyu 58, na uku 65, ta kuma cusa atisaye mai tsanani na uku ranar Asabar, ga dogon gudun Lahadi yana nan. Ƙari ne na fiye da rabi cikin mako uku, alhali shawarar da aka saba bayarwa ita ce kada a wuce kamar kashi 10 cikin 100 a mako. Babbar ɓarnar ma ba nisan ba ne. Ranakun da ya kamata su zama na sassarfa ne suka ɓace, jiki bai samu lokacin gyara tsokar da aka wahalar ba.

Mako biyun farko littafinta ba zai nuna komai ba, har ma ta ji ta fi ƙarfi. Nan tarkon yake. A mako na uku: Litinin 53, Talata 55, Laraba 54, Alhamis 58, Juma'a 59, Asabar 61, Lahadi 62. Ki lura da Laraba, ya ɗan sauko, a nan za ta ce wa kanta ai ga shi ba komai. Ranar Juma'a ce ta kamata ta tsaya, kwana biyu ke nan tana shida da bakwai sama da matsakaicinta.

Kada lambar ta zo ita kaɗai. Ranar Asabar za ta yi mita 1,000 sau shida. Da tana yin kowanne a minti 3 da daƙiƙa 38 ba tare da ta gaji ba, yanzu na huɗu ya koma 3 da 50, ƙafafu sun yi nauyi kamar an ɗaura musu buhun yashi. Dare ya yi ta gaji tilis amma barci ya ƙi, ko ta farka ƙarfe uku. Abinci ya fita daga ranta. Ta yi wa wani na kusa da ita tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ciwon tsokar da kan tafi cikin kwana biyu ya kwana huɗu.

Likitar Wasanni:
Wannan jerin ya yi. Abin da ke faruwa a ciki shi ne, zuciya in an bar ta da kanta tana bugawa kusan 100 a minti. Akwai jijiyar da ke taka mata birki lokacin hutu, ita ke riƙe ta a hamsin da ɗoriya. Idan jiki bai farfaɗo ba, birkin ya saki kaɗan, ɓangaren da ke tada jiki ya kwana a kunne. Shi ya sa rashin barci da saurin fushi ke zuwa tare da hawan bugun, tushensu ɗaya.

Amma Koci, ka faɗa mata ɗaya gefen. Binciken da aka yi a kan masu atisaye mai tsanani bai nuna bugun safe abin dogaro ba ne ga kowa. Wasu ya hau, wasu bai motsa ba alhali sun ragargaje, wasu ma sauka yake yi. Kuma ƙwararru sun bambanta mataki uku. Akwai gajiyar da hutun 'yan kwanaki zuwa mako biyu ke warwarewa, mutum ya dawo ya fi da ƙarfi. Akwai wadda ke cin makonni zuwa watanni ba tare da wata riba ba. Akwai ainihin ciwon wuce gona da iri, wanda ke ɗaukar watanni, wani lokacin fiye, kuma ba a tabbatar da shi sai an kawar da duk wata cuta. Yarinyar mako uku tana mataki na farko, tana leƙen na biyu. Kada labarin ya kira ta mai ciwon na uku.

Mai Agogo:
Sauka kuma? Ai saukar bugu alamar ƙarfi ce, Likita. Kowa ya san haka.

Likitar Wasanni:
Idan ya sauka a hankali cikin watanni, gudu kuma yana ƙara kyau, ƙarfi ne. Idan ya sauka alhali gudu na lalacewa, akwai matsala. Yarinyar da ba ta cin abin da zai biya ƙarfin da take ƙonawa, jikinta yana rage kashe kuzari, bugun ya yi ƙasa, ta riƙa jin sanyi, al'ada ta ɗauke. Kwamitin Olamfik na Duniya ya fitar da matsaya a kan wannan a 2014. Al'ada ta ɗauke wata uku ga mai gudu ba alamar ƙwazo ba ce, asibiti ake zuwa, domin ƙashi ne ke biyan bashin, sai a ga tsagewa a ƙwauri ko tafin ƙafa. Irin wannan yarinyar za ta ga 44 a littafinta ta yi murna. Haka kuma a cikin gudun, wanda ya gaji sosai yakan kasa ɗaga bugunsa zuwa inda ya saba komai ƙoƙarinsa.

Tsohon Koci:
Ban musa ba, Likita. Amma kada mu tsorata Malama har ta yar da labarin. Ga matashin da ya ƙara nauyi kwatsam, hawan bugun abu ne da ake gani sosai, kuma ba ya cin komai sai minti ɗaya. Ni a wurina ƙaramar alama da za a iya dubawa kullum ta fi cikakken gwajin da ba za a yi ba.

Likitar Wasanni:
Matuƙar ba za a ɗauki bugun da bai hau ba a matsayin izinin ci gaba ba. Nan ne muke rabuwa da masu horarwa da yawa.

Alƙalamin Dare:
Na fahimta. To faɗuwar fa? Ita ce ƙololuwar labarin. In cire ta?

Likitar Wasanni:
Ki cire, ko ki sauya dalilinta. Gajiyar atisaye ba ta sumar da mutum a hanya, ja da baya take sa shi. Matashiyar da ta suma tana tsakiyar gudu, abin da likita zai fara tunani shi ne ciwon zuciya ko bugun zafi, kuma ba za ta sake gudu ba sai an yi mata gwajin zuciya. Idan kina son haɗari na gaske, ga shi: bugun ya hau saboda ƙwayar cuta, tana da zazzaɓi da ciwon jiki, ta fita ta yi atisaye mai tsanani. Wannan na iya haɗuwa da kumburin tsokar zuciya, wanda ke hana mutum wasa wata uku zuwa shida, yana ma iya kisa. Shi ya sa ba a gudu da zazzaɓi ko kaɗan. Amma wannan wani labari ne daban da wanda kika faro.

A naki, ki sa ta yi ɗan bincike ranar Juma'a. Ta auna zafin jikinta, ta samu bai kai digiri 38 ba, yana nan wajen 37. Ta haɗiyi yawu ta ji maƙogwaro lafiya. Ta duba fitsarinta, ba ja ba ne. Ta ƙirga kwanakin watanta, ba lokacin ba ne. Ta kawar da su ɗaya bayan ɗaya, ba abin da ya rage sai kilomita 65 ɗin da ba ta son ta kalla. In kuma ta huta mako guda bugun bai sauko ba, a yi mata gwajin jini a duba hemogulobin, da feritin mai nuna ajiyar sinadarin ƙarfe a jiki, da tayirod. Ga mace marar ciki, hemogulobin ƙasa da 12 ƙarancin jini ne.

Malamin Adabi:
Wannan binciken na Juma'a ya fi faɗuwa ƙarfi nesa ba kusa ba. Ƙololuwar kuma tana nan a hannu ba ki gani ba, Malama: lokacin da za ta miƙa wa kocin littafin. A cikinsa akwai bugun, akwai kuma gudun asubar da ta ɓoye, a shafi ɗaya. Ba za ta iya nuna ɗaya ba tare da ɗayan ba.

Alƙalamin Dare:
Malam, ka ba ni abin da nake nema. Koci, idan ta miƙa littafin ranar Lahadi, saura mako biyu gasa, me kocin kirki zai ce ta yi? Tsoronta shi ne hutu zai zubar mata da duk abin da ta tara.

Tsohon Koci:
Tsoron kowane mai gudu ke nan, kuma ba shi da tushe a wannan ɗan lokacin. Hutun kwana biyu ko uku ba ya rage ƙarfin numfashi. Dama kafin babbar gasa ana rage nisa da kusan rabi na kamar mako biyu, gudu kuma ya ƙara kyau.

Zai ce Litinin da Talata babu gudu sam, tafiya kawai, barci awa takwas zuwa tara, ta ci ta ƙoshi, ta sha ruwa. Laraba sassarfar minti 25 zuwa 30, a saurin da za ta iya hira ba tare da numfashi ya katse ba. Makon gaba ɗaya kada ya wuce kilomita 20 zuwa 25. Babu atisaye mai tsanani sai bugun ya dawo cikin uku na matsakaicinta, wato 55 ko ƙasa, safiya biyu a jere, ƙafafu kuma sun yi sauƙi. Sannan ta yi guda ɗaya gajere, kamar mita 400 sau biyar a saurin gasa da cikakken hutu a tsakani, ta duba bugun washegari. In ya sake tsalle zuwa 59, ba ta shirya ba.

Kuskuren da ake yawan yi a nan shi ne, ranar Laraba a ga 56 a ji daɗi a koma a rama abin da aka rasa. Kwana biyu ya sake hawa. Bugun yakan riga tsoka dawowa daidai.

Mai Agogo:
To ta ci gasar ke nan a ƙarshe, ko? In ta huta mako biyu ai za ta tashi da ƙarfin duk kilomitocin nan.

Tsohon Koci:
Zai yiwu ta yi gudu mai kyau, irin wannan gajiyar in an kama ta da wuri takan koma riba.

Likitar Wasanni:
Zai yiwu kuma mako biyu su kasa. Ba wanda zai iya faɗa tun ranar Lahadi a wane mataki take, tsawon lokacin da farfaɗowar ta ɗauka ne ke nunawa daga baya. In ta ci gasar, yarinyar da ta karanta za ta ɗauka cewa ƙara kilomita 25 a ɓoye dabara ce mai kyau matuƙar an huta a ƙarshe.

Malamin Adabi:
Ni zan bar ta ta yi gudun ta zo ta huɗu ko ta biyar, amma Koci ba zai so ba.

Tsohon Koci:
Ba ruwana da matsayin da ta zo. Abu ɗaya kawai, Malama: safiyar gasa kada ki rubuta 52. Fargaba kaɗai za ta kai ta 58 ko 60 ko da ta warke sarai, don haka lambar ranar ba ta nuna komai. Ta kwana biyu kafin gasar ita ce za ki nuna.

Alƙalamin Dare:
Na rubuta. Zan gyara babin Juma'a da na Lahadi in kawo muku. Likita, zan so ki sake duba mini wurin kwanakin watan, don lissafin ya dace da makon da bugun ya hau.